Filasta da Cingam na Nikotin: Dalilin Haɗa Su Wajen Barin Taba Sigari

Gabatarwa

Mashayin taba sigari da ya yi niyyar dainawa yakan fuskanci wahala iri biyu, ko da yake sau da yawa yakan ɗauka abu guda ne. Ta farko ita ce rashin jin daɗin da ke bin sa tun safe har dare: saurin fushi, kasa tattara hankali a kan aiki, yawan jin yunwa da kuma barci marar nauyi. Ta biyu ita ce ƙishirwar taba da ke taso masa farat ɗaya, bayan cin abinci, ko a zaman shayi, ko kuwa idan ya ji ƙamshin hayaƙi daga wani. Ta farkon tana da tsawo amma ba ta da kaifi sosai. Ta biyun gajeruwa ce, 'yan mintoci kawai, amma ita ce ta fi kayar da mutane.

Magungunan da ake kira madadin nikotin su ma iri biyu ne. Akwai filasta da ake mannawa a fata, wadda ke sakin nikotin sannu a hankali. Akwai kuma masu saurin aiki, wato cingam da alewar tsotsa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda kowane ɗayansu ke aiki a jiki, da dalilin da ya sa haɗa su kan fi amfani da guda ɗaya, da kuma yadda ake haɗawar ba tare da kuskure ba.

Yadda sigari ke shayar da ƙwaƙwalwa

Kara ɗaya na sigari yana ɗauke da nikotin kimanin miligiram 10 zuwa 12, amma abin da ke shiga jinin mashayi bai wuce miligiram 1 zuwa 1.5 ba. Sauran yakan ƙone ko ya bi iska. Abin lura a nan shi ne saurin isarsa. Huhu yana da faɗin fili mai yawa da jini ke ratsawa, don haka nikotin ɗin da aka zuƙa yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yakan sa a saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke kawo jin daɗi da natsuwa. Da yake sakamakon yana zuwa nan take, ƙwaƙwalwa takan ɗaura shi da duk abin da mutum ke yi a lokacin, ko shan shayi ne, ko tuƙi, ko hira da abokai.

Hanta kuwa ba ta barin nikotin ya daɗe. Cikin kimanin awa 2 takan rage rabin abin da ke cikin jini. Wannan ne ya sa mashayi ke kunna wani karan bayan ɗan lokaci, kuma shi ya sa yake farkawa da safe da matsananciyar buƙata, domin dare ya cinye kusan duk abin da ya tara jiya. Ke nan sigari yana yi wa mashayi aiki biyu a lokaci guda. Yana ajiye masa wani gwargwado na nikotin a jini duk yini, wanda ke hana masa jin ciwon rashi. Yana kuma ba shi ƙari mai sauri a duk lokacin da ya ga dama, gwargwadon yadda ya so.

Tun a shekarar 1976 wani likitan ƙwaƙwalwa a Birtaniya, Michael Russell, ya ja hankalin masana ga cewa nikotin ne ke riƙe mutum a kan taba, amma kwaltar hayaƙin ce ke kashe shi. Yawancin cutar daji da ta huhu da taba ke haddasawa daga kwalta da sauran dubban sinadaran ƙonewa suke fitowa. A kan wannan fahimta aka gina madadin nikotin: a ba jiki nikotin ɗin da ya saba da shi ba tare da hayaƙi ba, sannan a janye shi daki-daki.

Filasta: ƙarfinta da gazawarta

An fara sayar da filastar nikotin a Amurka a farkon shekarun 1990. Wadda ake bari a jiki awa 24 tana zuwa da ƙarfi uku: miligiram 21, da 14, da 7. Akwai kuma ta awa 16, wadda ake cirewa kafin kwanciya, mai miligiram 25, da 15, da 10. Nikotin yana ratsa fata a hankali, ya shiga ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashinta. Sai an yi sa'o'i kafin ya kai ƙololuwarsa a jini, daga nan kuma sai ya tsaya kusan a kan mataki ɗaya har zuwa lokacin canji.

Idan sigari ruwan sama ne mai zuwa kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke, to filasta yayyafi ce mai yini tana jiƙa ƙasa. Ƙarfinta ke nan. Mutum yakan manna ta sau ɗaya da safe ya mance da ita, ba sai ya koyi wata dabara ba, kuma takan rage fushi da rashin natsuwa. Gazawarta ma daga nan ta fito. Filasta ba ta san an gama cin abinci ba, ba ta kuma san an ɓata wa mai ita rai a wurin aiki ba. Abin da take bayarwa da ƙarfe tara na safe shi take bayarwa da ƙarfe huɗu na yamma. Idan ƙishirwa ta taso, mai filasta ba shi da abin da zai yi da hannunsa ko bakinsa, sai haƙuri. Ban da haka, ga mai shan taba da yawa, nikotin ɗin da filasta ɗaya ke ajiyewa a jini yakan gaza wanda ya saba samu daga hayaƙi.

Cingam da alewa: ƙarfinsu da gazawarsu

Cingam ya girme wa filasta. A ƙasar Suwidin aka ƙirƙiro shi, a hannun wani masanin haɗa magunguna mai suna Ove Fernö. Abin da ya jawo tunanin shi ne labarin da ya iso gare shi a 1967, cewa sojojin jirgin ƙarƙashin teku, waɗanda aka hana kunna sigari a cikin jirgi, sukan koma ga tabar da ake dasawa a baki su sami sauƙi. An fara yi wa cingam ɗin rajista a Suwizalan a 1978, ya kuma shiga Amurka a 1984. Alewar tsotsa ta biyo baya. Dukansu biyu suna zuwa da ƙarfin miligiram 2 ko 4.

Nikotin ɗin da ke cikinsu ta fatar cikin baki yake shiga jini, ba ta ciki ba. Wanda aka haɗiye da miyau yakan bi ta hanta tukuna, ita kuwa ta lalata mafi yawansa kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Saboda haka daga cingam mai miligiram 2, kusan rabi ne kawai ke amfanar mutum. Alewa takan ba da ɗan abin da ya fi haka, domin narkewa take yi gaba ɗaya. Sauƙi yakan fara zuwa bayan 'yan mintoci, nikotin kuma ya kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 20 zuwa 30. Kiran su masu saurin aiki kwatanci ne da filasta; idan aka gwada su da sigari, su ma masu nawa ne.

Ƙarfinsu shi ne suna hannun mai su, shi ke zaɓar lokaci da yawa, kamar yadda ya saba yi da sigari. Gazawarsu kuwa ita ce, idan su kaɗai aka dogara da su, ana buƙatar guda ɗaya kowace awa ɗaya ko biyu, wato aƙalla guda 9 a yini a makonnin farko. Mutane kaɗan ne ke cika wannan. Yawanci sukan tsaya a kan 'yan kaɗan, ko don mantuwa, ko don ɗanɗanon ba ya musu daɗi, ko don tsoron kada su saba. Sai jininsu ya kasance da ƙarancin nikotin duk yini, su kuma yanke hukunci cewa maganin ba ya aiki.

Abin da haɗawa ke yi

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka haɗa su, filasta takan riƙe aikin farko na sigari, wato ajiye gwargwadon nikotin a jini, cingam ko alewa kuma su riƙe na biyu, wato ƙari a lokacin buƙata. Amfanin ya kasu uku. Na ɗaya, jimillar nikotin ɗin da mutum ke samu takan matso kusa da abin da ya saba. Na biyu, ƙishirwar da ke tasowa a kan jinin da akwai nikotin a cikinsa ba ta kai kaifin wadda ke tasowa a kan jinin da babu komai ba, don haka cingam ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Na uku, mantuwa ba ta da tsada sosai: wanda ya yi awa uku bai tauna cingam ba, filasta tana nan tana tallafe da shi.

An fara gwada wannan dabara a Turai a shekarun 1990, ciki har da wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1995 daga ƙasar Beljiyam. A 2009 masana a jihar Wiskonsin ta Amurka suka buga wani gwaji mai mutum 1,504. Bayan wata shida, kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka ba filasta da alewa ba sa shan taba. Waɗanda aka ba filasta kaɗai ko alewa kaɗai sun tsaya a wajen kashi 34, masu maganin bogi kuma kashi 22.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. A 2016 wani gwajin daga wannan jiha, mai mutum 1,086, ya sami kusan kashi 27 ga masu haɗawa da kusan kashi 23 ga masu filasta kaɗai, tazarar da ba ta kai a ce ba dace ba ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne tattara gwaje-gwaje duka wuri guda, aikin da ƙungiyar Cochrane ke yi. A bitarta ta 2023, wadda ta haɗa gwaji 16 da mutane fiye da dubu 12, ta gano cewa haɗawa na ƙara yiwuwar dainawa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu a kan amfani da guda ɗaya. Ma'anar wannan a aikace ita ce: idan mutum 14 cikin 100 ke cin nasara da abu ɗaya, kimanin 17 ko 18 za su ci da biyu. Ribar tabbatacciya ce, amma ba ta sa kowa ya daina ba, kuma takan fi yawa idan akwai ma'aikacin lafiya da ke bibiyar mutum yana ba shi shawara.

A da, takardun da ke cikin kwalayen magungunan suna gargaɗin kada a haɗa su. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sassauta wannan gargaɗi, bayan shekaru sun nuna babu wani babban haɗari a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa filasta da cingam cikin jerin muhimman magunguna a 2009, ta ambaci haɗawar cikin hanyoyin da ta ba da shawara a kansu a ƙa'idojinta na 2024.

Misali a aikace

A ɗauki misalin wani direban babbar mota ɗan shekara 42, mai shan kara 20 a yini, wanda ke kunna na farko minti 10 bayan ya farka. Tambayoyi biyu likita zai fara yi masa: kara nawa, kuma yaushe ne na farko? Wanda ya wuce kara 10 a yini ana fara masa da babbar filasta. Wanda kuma ke kunna taba cikin minti 30 da tashi, alama ce ta sabo mai zurfi.

Lissafinsa ga shi. Kara 20, kowane da miligiram 1 zuwa 1.5, ya ba da miligiram 20 zuwa 30 a yini. Filasta mai 21 ta rufe ƙasan wannan buƙata, amma tana iya barin giɓin da ya kai miligiram 9. Cingam 8 masu miligiram 2, idan kusan rabi ke shiga jini, sun kawo kimanin miligiram 8. Jimilla ta zama wajen 29, wato cikin iyakar abin da jikinsa ya riga ya saba da shi. Wannan lissafi ƙiyasi ne, domin mutane sun bambanta a yadda suke zuƙa da yadda hantarsu ke aiki, amma ya isa ya nuna cewa haɗawar ba ta ɗora wa mashayi abin da ya wuce na sigarinsa.

Ranar da ya tsayar, yakan manna filasta da zarar ya tashi, a busasshiyar fata marar gashi, a dantse ko ƙirji ko baya, ya danna ta da tafin hannu na ɗan lokaci. Da yake sai an yi sa'o'i kafin ta kama aiki, sai ya sa cingam nan take. A mako biyu na farko ba ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. Ya san lokutan da ya saba kunna taba: bayan karin kumallo, lokacin jiran lodi, da tsakiyar doguwar hanya idan barci ya fara fizgarsa. Sai ya riga su da minti 10 ko 15. Idan mai miligiram 2 bai kwantar masa ba, ana iya mayar da shi kan mai 4. Ba ya wuce adadin da aka rubuta a kwali, wanda a wasu ƙasashe guda 15 ne a yini.

Tsarin da aka saba bi shi ne mako 6 a kan filasta mai 21, mako 2 a kan mai 14, mako 2 a kan mai 7. Cingam shi ne na ƙarshen ajiyewa, domin ƙishirwar da wuri ko yanayi ke tayarwa takan daɗe fiye da ciwon rashi, wanda ke tsananta a makon farko ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Ana rage yawansa a hankali har zuwa mako na 12, wasu kuma sukan ci gaba da ajiye 'yan kaɗan a aljihu bayan haka. Idan ya zame ya sha kara ɗaya a mako na uku, ba ya cire filasta. Cire ta ne zai mayar da kara ɗaya kwali guda.

Kurakurai da yadda ake gane su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tauna cingam ɗin kamar goro. Wanda ya yi haka yakan saki nikotin duka a lokaci guda ya haɗiye shi, sai shaƙuwa da ƙwarnafi da tashin zuciya su biyo baya, ƙishirwa kuma tana nan. Yadda ake yi shi ne a tauna a hankali har sai an ji yaji-yaji, sannan a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Idan yajin ya lafa a sake taunawa a sake ajiyewa, har kimanin minti 30. Alewa kuwa ba a tauna ta, ba a haɗiye ta; ana barin ta ta narke, ana juya ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ta fi dacewa da mai haƙoran roba ko mai ciwon muƙamuƙi.

Na biyu shi ne tsami. Nikotin ba ya ratsa fatar baki sosai idan bakin yana da tsami. Zoɓo, kunun tsamiya, ruwan lemo, kofi da lemon kwalba duk suna rage shigarsa. Ƙa'idar ita ce kada a ci ko a sha komai sai ruwa minti 15 kafin a sa cingam ko alewa, kuma ba a ci ba a sha yayin da suke baki.

Na uku ya shafi filasta. Manna ta a wuri ɗaya kullum yana kawo ja da ƙaiƙayi, don haka ana sauya wuri kowace rana, ba a komawa na farko sai bayan mako guda. Gumi da man shafawa suna sa ta ɓalle, abin da mazauna ƙasashe masu zafi za su kula da shi. Wanda ke yawan mafarki ko rashin barci sai ya cire ta kafin kwanciya, ya shirya cingam don safiya.

Wajibi ne kuma a iya bambanta ƙaranci da yawa. Fushi, rashin natsuwa da tunanin taba a kai a kai alamun ƙarancin nikotin ne, kuma su suka fi faruwa. Tashin zuciya, jiri, gumi mai sanyi, yawan miyau da bugun zuciya da sauri alamun ya yi yawa ne. A nan sai a dakatar da cingam, a cire filasta, a nemi shawarar likita kan rage ƙarfi. Akwai wani abu da kan rikitar da mutane. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da kafeyin ɗin da ke cikin shayi, kofi da goro. Idan aka daina taba, wannan saurin yakan ragu ko da ana amfani da filasta, domin hayaƙin ne ke jawo shi, ba nikotin ba. Sai mutum ya ci goron da ya saba ci, ya ji hannunsa na rawa, barci ya ƙi zuwa, ya ɗora wa filasta laifi. Maganin wannan shi ne rage shayi da goro. Haka ma wasu magunguna, irin su tiyofilin na masu asma da wasu na taɓin hankali, sukan buƙaci likita ya sake duba awonsu bayan an daina taba.

Waɗanda ba za su fara da kansu ba

Mace mai ciki ko mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, da mai matsanancin rikicewar bugun zuciya, duk sai da izinin likita. Filastar da aka cire tana da ragowar nikotin da zai iya cutar da ƙaramin yaro, don haka ana ninke ta ta manne da kanta kafin a jefar. Cingam da alewa kuwa sun yi kama da kayan zaƙi, sai a ɓoye su inda yara ba za su kai ba.

Kammalawa

Sigari yana ba mashayi nikotin ta fuska biyu, mai ɗorewa da mai sauri. Filasta ta maye gurbin ta farko, cingam ko alewa sun maye gurbin ta biyu, kuma kowane ɗaya shi kaɗai yana barin ƙofa guda a buɗe. Gwaje-gwaje sun nuna rufe su duka na ƙara mutum uku ko huɗu cikin kowane ɗari a kan masu cin nasara. Sharaɗin samun wannan riba shi ne a fara da ƙarfin da ya dace da yawan tabar da ake sha, a yi amfani da cingam ko alewa da yawan da ya isa kuma ta hanyar da ta dace, a kuma cika makonnin da aka tsara ba tare da an yanke a tsakiya ba.